Gajeriyar Buƙata da Fankon Buƙata: Yadda Mai Amsa wa Manomi Zai Bambance Su

Laccar da aka gabatar ga malaman gona, shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da masu sayar da kayan noma na yankin Kura da Bunkure

 

  

Batun yau ya shafi duk wanda manomi yake zuwa wurinsa da tambaya ko da roƙo. Buƙata iri biyu ce take kama da juna a kunne. Akwai gajeriya wadda kalmominta ba su wuce huɗu ko biyar ba, amma duk abin da ake nema don a amsa ta yana ciki. Akwai kuma fanko, wadda ko da ta cika takarda biyu babu abin da mai saurare zai kama ya yi aiki da shi. Ta farko amsa take jira nan take. Ta biyu kuwa sai an mayar wa mai ita da tambaya kafin a taɓa komai. Za a bi maganar a kan abubuwa biyar.

1. Me ya sa maganar ta fi nauyi a wannan yanki?

Ruwan da ake noma da shi a nan daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Yana biyowa ta Ruwan Kanya, ya gangaro ta babban kanal ba tare da inji ya tura shi ba, sannan ya rabu zuwa rassa, daga rassa zuwa ƙananan kanal, daga nan zuwa magudanar da take bakin gonar mutum. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita take kula da aikin, kuma kashin farko an tsara shi ne a kan hekta kusan 22,000 a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam.

To, jama'a, a duba yawan manoman da suke kan wannan ruwa, a kuma duba yawan masu amsa musu. Malamin gona guda yakan ɗauki ƙauyuka da dama. Mai buɗe ƙofar ruwa guda yana da gonaki masu yawa a ƙarƙashin ƙofarsa. Mai shagon magani a Kura yakan ga mutane da yawa kafin azahar. Kowannensu minti kaɗan yake da shi a kan kowane mutum.

Ga kuma noman rani, wanda ba ya jiran kowa. Tumatirin da ya fara fure ba zai yi haƙurin kwana goma babu ruwa ba. Alkamar da aka makara shukawa zafin watan Maris zai riske ta tana cika ƙwaya. Saboda haka kuskure biyu ne suke cin kuɗin manomi. Idan aka ɗauki gajeriyar tambaya a matsayin fanko, an ɓata masa lokaci da tambayoyin da ba a buƙata. Idan aka ɗauki fanko a matsayin cikakkiya, an ba shi amsar wata matsala da ba tasa ba, ya je ya sayi abin da ba zai yi masa magani ba.

2. Ma'aunin da ake gwada buƙata da shi

Tsawon magana ba ya nuna komai. Abin da mai saurare zai tambayi kansa shi ne: zan iya faɗin amsa guda ɗaya, ko in ɗauki mataki guda ɗaya, ba tare da na yi kirdado ba?

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da wannan aiki. Mutum ya zo ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mene ne rabon mata a gadon mijinta idan ya bar 'ya'ya?" Malam zai ce ɗaya bisa takwas, magana ta ƙare. Wani kuma ya zo ya yi ta bayanin halin mamaci, da irin jinyar da ya sha, da yadda ya samu gonarsa, sannan ya ce, "Yaya za a raba?" Shin akwai malamin kirki da zai ɗauki alƙalami a nan? Sai ya fara tambaya: su wa ya bari, iyayensa suna raye, akwai bashi, akwai wasiyya? Na biyun ya fi na farko yawan magana nesa ba kusa ba, amma abin da lissafin gado yake tsayawa a kai bai faɗe shi ba.

Haka yake a gona. Manomi ya tare malamin gona a bakin kanal ya ce, "Malam, yaushe ake shuka alkama?" Amsar ita ce daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don ta samu sanyin hunturu. Ba sai an tambaye shi ina gonarsa take ba, tunda duk yankin yanayinsa ɗaya ne. Wani ya ce, "Kwana nawa irin shinkafa zai yi kafin a dasa?" A ce masa kamar mako uku, kada ya bari ya tsufa, ya kuma bar tazarar santimita 20 tsakanin dashe da dashe. Wani ya ce, "Buhun yuriya buhun kamfa nawa ne a wajen ƙarfin ganye?" Wannan ma lissafi ne tsayayye. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi ne, ke nan kusan buhu uku. Sai dai a ƙara masa da cewa kamfa yana da wasu sinadarai biyu da yuriya ba ta da su, don haka ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Duk waɗannan gajeru ne, kuma amsarsu ba ta canzawa daga manomi zuwa manomi. Wanda ya tsaya yana cewa "zo ofis mu zauna" a kan irinsu ya kori mai tambaya ne kawai, gobe kuma ba zai dawo ba.

A kwatanta su da wannan: "Malam, gonata ba ta yi kyau ba bana, me zan sa mata?" Wace gona? Me aka shuka? Rashin kyaun a ganye yake, ko a saiwa, ko a yawan buhun da aka samu? Amsoshin da za su iya dacewa sun fi goma, kuma babu abin da ke cikin maganar da zai zaɓi ɗaya daga cikinsu.

3. Abin da ke hannun mai tambaya yana cikin tambayarsa

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin jumla ɗaya takan zama fanko da safe ta zama cikakkiya da yamma.

A ɗauki yaro mai feshi da ya kira a waya ya ce, "Yallaɓai, murfi nawa zan zuba?" A waya wannan fanko ne. Ba a san maganin ba, ba a san girman tankin da yake goyawa ba, ba a san girman murfin ba. Amma idan yaron nan yana tsaye a gabanka da kwalbar a hannu da tankin a baya, kalmomin nan sun cika. Sai a karanta jikin kwalbar. A ce an rubuta lita ɗaya a hekta, kuma a irin tafiyarsa yakan kashe ruwa lita 200 a hekta. Idan tankinsa mai lita 20 ne, goyo goma zai yi, kowane goyo ya ci mililita 100. Idan mai lita 16 ne, goyo sha biyu da rabi ne, kowane ya ci mililita 80. Daga nan a auna murfin da sirinji sau ɗaya, a san abin da yake ɗauka, yaron ya tafi da lissafin da zai yi ta amfani da shi.

Tsakanin cikakkiyar buƙata da fanko akwai wadda abu ɗaya tak ya ɓace mata. Misalin da ya fi yawa a wurinmu shi ne kalmar kadada. Wani idan ya ce kadada eka yake nufi, wani kuma hekta, alhali hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. Manomi ya ce, "Buhun taki nawa kadada take ci a shinkafa?" Kada a sallame shi da cewa tambayarsa ba ta cika ba, kada kuma a yi masa kirdado. A ba shi amsar a hekta, a ba shi a eka, shi ya san wadda yake nufi. Idan hanyoyin biyu ne ko uku, faɗinsu duka ya fi mayar da tambaya sauri.

A nan zan ɗan ratse, saboda masu shaguna da suke zaune a can baya. Idan mutum ya zo da kwalbar da ta ƙare ya ce "irin wannan", buƙatarsa ta cika a matsayin ciniki. Amma idan ya zo hannu rabbana ya ce "ba ni maganin tumatir", bai faɗi komai ba tukuna. Me zai sa a miƙa masa kwalbar da ta fi kusa da hannu?

4. Misali guda daga farko har ƙarshe: "Tumatirina yana mutuwa"

Kowa a ɗakin nan ya tuna 2016. Tsutsar da manoma suka sa wa suna sharon, wadda masana suke kira Tuta absoluta, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, daga can ta bazu har ta iso mu. A shekarar ce kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa ya fara aiki, ba a daɗe ba ya tsaya saboda rashin tumatir, kasuwar Kwanar Gafan ma ta ji a jikinta. Tun daga lokacin, duk tumatirin da ya langaɓe sai a ce sharon ne. Shin haka ne?

A ce wani dattijo daga ɓangaren Bunkure ya iske malamin gona ya ce, "Malam, tumatirina yana mutuwa, a taimaka." Maganar akwai zafi a cikinta, amma ba ta isa a rubuta magani a kanta ba, domin aƙalla abubuwa biyar ne suke sa manomi ya faɗi haka.

Idan sharon ne, za a ga tabo fari-fari a ganye kamar an kankare cikinsa an bar fata, da ɗan baƙin kashin tsutsa a ciki, a ga kuma ƙananan huji a jikin 'ya'yan, musamman kusa da hular. Idan ciwon langaɓewa ne na ƙwayar cuta, shukar takan kwanta ganyenta yana kore shar, ta farfaɗo da dare a kwanakin farko, sannan ta tafi gaba ɗaya. Gwajinsa mai sauƙi ne: a yanke karan kusa da ƙasa, a rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, bayan 'yan mintoci sai a ga wani farin zare kamar madara yana sauka. Idan tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani, sai an tuge shukar a ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli. Idan ciwon nannaɗewar ganye ne, wanda farin ƙuda yake yaɗawa, sabbin ganye za su ƙanƙance su naɗe sama, gefensu ya yi rawaya, shukar ta tsumbure. Na biyar kuma ba cuta ba ce sam: ruwa ne ya kwanta a gonar, ko gishiri ya taso har ana ganin farinsa a saman kunya.

Kowannensu da abin da ake yi masa. Sharon ne kaɗai a cikinsu feshi yake kashe shi kai tsaye, shi ma sai an yi ta sauya irin maganin, domin yana saurin sabawa. Mai langaɓewa babu feshin da zai tashe shi, sai a tuge waɗanda suka kamu a fitar da su, a kuma hana ruwa bi ta wurin zuwa sauran kunyoyi. Tsutsar saiwa tana neman a huta da tumatir a wurin, a sa hatsi. Mai nannaɗewa wanda ya kamu ya kamu, aikin yana kan kare sauran daga farin ƙuda. Mai kwanciyar ruwa kuwa magudana yake buƙata, a yashe ta ruwa ya fita.

To, me malamin zai yi da dattijon nan? Kada ya jero masa tambaya goma kamar mai tuhuma. Ya zaɓi wadda take raba hanya. Sai ya ce, "Sannu Baba, Allah ya kiyaye gaba. Ganyen bushewa yake da tabo, ko kwanciya yake yana kore?" Dattijo ya ce, "Kore shar yake kwanciya, kuma layi ɗaya ya bi, ta inda ruwa yake shiga." Da wannan amsa sharon ya fita daga lissafi, mai nannaɗewa ma ya fita. Saura uku. Sai malamin ya ce, "Baba, a aiko yaro da guda biyu, a tuge su da saiwarsu da ƙasarsu, ɗaya wanda ya fara, ɗaya wanda ya yi nisa." Aka kawo. Saiwa ba ƙulli, ba ta ruɓe ba. Aka yanka kara aka sa a kofi, farin zare ya sauka. Tambaya ɗaya da aike ɗaya sun mayar da fanko buƙatar da ake iya amsawa, kuma dattijon ya tsira da kuɗin kwalba biyu ko uku na maganin ƙwari da ba za su tashi ko shuka ɗaya ba.

Wannan dabara ta kawo samfuri ba a nan kaɗai ake yinta ba. Cibiyar CABI ta fara shirin asibitin tsirrai mai suna Plantwise a 2011, inda likitan shuka yake kafa tebur a kasuwa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, manomi ya zo da shukar da ba ta da lafiya a hannu. Bahaushe ya riga ya ce gani ya kori ji.

5. Buƙatar ruwa, da maganar da kunya ta rufe

A ɓangaren ruwa, jumlar da aka fi ji ita ce "ba mu da ruwa". Mai buɗe ƙofa da ya ji haka, me zai taɓa? Wataƙila ba ranarsu ba ce a jadawalin karɓa-karɓa. Wataƙila kacala da yashi sun toshe ƙaramin kanal. Wataƙila bango ya fashe a wani wuri ruwa yana zurarewa. Wataƙila na sama sun datse, na wutsiya suna kallo. Idan ya ƙara buɗe ƙofa alhali toshewa ce, gonakin farko za su cika su yi ambaliya, na ƙarshe kuma suna nan yadda suke.

Buƙatar ruwa tana cika ne da abu uku: ina, tun yaushe, da kuma iyakar inda ruwan yake tsayawa. A ce shugaban manoma ya aiko da cewa, "Ƙofa ta uku a sashenmu, kwana huɗu ke nan ruwa yana tsayawa a gadar shanu, gonaki goma sha biyu na ƙasa ba su samu ba." Layi biyu ne, amma mai karɓa ya san inda zai aika mutum da abin da zai riƙe. A ajiye wannan kusa da takarda mai shafi biyu, wadda ta fara da kirari, ta ba da tarihin wahalar manoma, ta rufe da "a duba lamarinmu". Wacce za a iya aiki da ita gobe da safe? Shugabannin ƙungiyoyin ruwa, kafin takarda ta bar hannunku, ku nemi waɗannan abubuwa uku a cikinta. Idan babu, ku koma wa masu ita.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗabi'armu. Bahaushe ba ya faɗa wa babba buƙatarsa kai tsaye. Yakan ce "na zo gaisuwa ne", ko "ranka ya daɗe, a taimaka mana". Dattijuwa mai turara shinkafa takan ce wa shugabar ƙungiyarsu, "Hajiya, aikin dai sai a hankali." Irin wannan magana tana kama da fanko, amma mai ita ya san sarai abin da yake so, ladabi ne ya hana shi fara faɗa. Idan aka ce masa "me kake so, faɗi", ya rufe baki ke nan. Abin da yake aiki shi ne a gama gaisuwa yadda ta kamata, sannan a ajiye masa zaɓi: "Inna, shinkafar ce take karyewa a wurin casa, ko itace ne ya yi tsada, ko kasuwa ce?" Da ta ce karyewa ce, an samu bakin zare. Sai a tambayi awa nawa take jiƙawa da kuma yadda take shanya, domin shanya a rana mai zafi har ta bushe ƙarau yana daga cikin abin da yake tsattsaga ƙwaya.

Wani lokaci kuma mai roƙon shi kansa bai san abin da yake nema ba. Ya ga amfanin gonarsa yana raguwa shekara uku a jere, hankalinsa ya tashi, ya zo. Wannan tambaya a ofis ba za ta cika masa buƙata ba, komai iyawar mai yinta. Sai an sa rana an taka gonar tare, an duba ƙasa da magudana da irin da yake maimaitawa. Idan kuma abin ya wuce sanin malamin, akwai tashar binciken noman rani ta Kadawa, reshen cibiyar binciken noma ta Samaru, ga kuma ma'aikatan KNARDA, a kai musu samfurin da bayanin da aka tattara.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu da 'yan uwa, a nan zan dakata.  Na hango wasu sun shigo da shuke-shuke a leda, su za a fara ba dama, a kawo su gaban tebur da kofin ruwa a duba a gaban kowa. Bayan su, duk mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, mata tukuna sannan maza. Allah ya ba mu damina da rani masu albarka.